Gwajin farkon zango kafin a shiga firakshin: wace tambaya za a yi, kuma me za a yi da amsar?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni sabuwar malama ce, an kai ni wata makarantar gwamnati a wajejen Aboabo, nan Kumasi, ina koyar da lissafi a JHS 1, yara 58. Wannan zangon zan fara tara firakshin da ɗebe shi. Hedimasta ya ce in gwada yaran tukuna in ga inda suke da giɓi. Na ba su tambayoyi 30 daga jarrabawar bara, yawancinsu sun sami ƙasa da rabi, ga maki a hannuna amma ban san abin da zan yi da shi ba. Ina na kuskure, kuma yaya ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya yi wa aikinki albarka. Wannan makin ki ajiye shi gefe guda, kada ki zubar da takardun dai, domin za mu komo kansu.

Jarrabawar ƙarshen shekara an gina ta ne don ta taɓa ko'ina kaɗan-kaɗan, ta fitar da jimla ɗaya a kan kowane yaro. Jimlar nan kuwa ba ta faɗin ciwo. Idan mutum ya je asibiti aka ce masa jikinka kashi arba'in cikin ɗari ne ke da lafiya, ai bai san maganin da zai saya ba. Yara biyu za su iya samun 12 cikin 30, ɗaya bai san abin da lambar ƙasan firakshin ke nufi ba sam, ɗayan ya sani sarai, haddar sau ce kawai ke ba shi wahala. Maki ya haɗa su a kwando ɗaya, alhali aikin da za ki yi da su ranar Litinin daban-daban ne. Ni ma na yi shekaru ina yin irin abin da kika yi, ina kwana ina duba takardu da jan biro, in rubuta maki a rajista, sannan in shiga aji in koyar da darasin yadda na tsara shi tun kafin gwajin. Wato gwajin bai sauya komai ba. Abin da ke da amfani a gwajin farkon zango shi ne amsar da yaro ya rubuta ba daidai ba, ita kanta, da lambobinta. A cikinta ne tunaninsa yake.

Saboda haka ana fara aikin ne daga darasin da za a shiga, a riƙa komawa baya. Ki ɗauki tambaya guda da kike son yaro ya iya amsawa a ƙarshen darasin, misali 3/4 + 1/6. Ki yi ta da hannunki a hankali, kina tsayawa a kowane taki kina tambayar kanki, me na riga na sani da ya sa na iya wannan? Za ki ga kin nemi lambar da 4 da 6 duka ke shiga cikinta, wato 12, wannan haddar sau ce. Kin mayar da 3/4 ya zama 9/12, kin mayar da 1/6 ya zama 2/12, wannan sanin cewa firakshin yana sauya riga ba tare da girmansa ya sauya ba ne. Kin tara 9 da 2 kin bar 12 yadda take, domin kin san lambar ƙasa girman yanki take faɗa, ba ƙirga ba. Ƙarƙashin duk wannan kuma akwai tushe: cewa 3/4 lamba ce guda ɗaya mai mazauni tsakanin sifili da ɗaya, kuma yankunan dole su zama daidai wa daida. Matakala huɗu ke nan, kuma su kaɗai za ki gwada. Kusurwa da awon fili da sauran abin da ke cikin jarrabawar bara duk su jira lokacinsu.

Manhajar da NaCCA, hukumar tsara manhajar makarantu ta Ghana, ta fitar tana sauƙaƙa wannan binciken, domin kowane abin koyo yana da lambarsa. Firakshin na ajinki yana ƙarƙashin B7.1.3. Ki buɗe manhajar firamare ki bi sashen firakshin daga B6 ki gangara B5 da B4, ki ga abin da aka ce ya kamata a ce yaro ya iya kafin ya zo hannunki. Sai dai ki riƙe a ranki cewa abin da aka rubuta an koyar daban ne da abin da ya zauna a kan yaro. Ajin JHS 1 yakan tara yara daga firamare fiye da ɗaya, wasu daga makarantun kuɗi, wasu daga na Islamiyya, wasu sun dawo daga arewa a tsakiyar shekara. Ba ki da tabbacin komai sai kin gani da idonki.

Yanzu ga wurin da ya fi buƙatar natsuwa, wato zaɓen tambayar. Tambaya mai kyau a nan ita ce wadda yaro mai gurguwar fahimta zai faɗi a kanta, kuma faɗuwar tasa ta nuna miki irin gurguntar. Bari in nuna miki da wadda ba ta da kyau tukuna. Idan kika tambaya, tsakanin 1/2 da 3/4 wanne ya fi girma, kusan kowa zai ce 3/4. Za ki ji daɗi ki wuce. Amma yaron da ke kallon firakshin a matsayin lambobi biyu da aka ɗora ɗaya kan ɗaya, shi ma 3/4 zai ce, don 3 ta fi 1 kuma 4 ta fi 2. Ya ci tambayar da tunanin da zai kayar da shi mako mai zuwa. To sauya ta: tsakanin 1/4 da 1/8 wanne ya fi girma? Nan take mai wancan tunanin zai ce 1/8, tun da 8 ta fi 4. Kin kama shi. Sai ki ƙara wata: 3/4 da 5/6, wanne ya fi, ko kuwa daidai suke? Akwai yaran da za su ce daidai suke, domin kowanne saura ɗaya ya cika. Akwai kuma waɗanda suka haddace cewa ƙaramar lambar ƙasa ita ce babba, za su ce 3/4 ba tare da sun kalli sama ba. Waɗannan sun ci tambayar 1/4 da 1/8, amma da hadda suka ci ta, kuma sai wannan ta biyun ce ke tona su.

A kan ma'anar yanki, ki zana akwati a allo ki raba shi huɗu, amma da gangan ki sa yankunan ba su yi daidai ba, ɗaya babba, sauran ƙanana. Ki cike ƙarami ɗaya da alli ki tambaya: wannan 1/4 ne? E ko a'a, kuma don me? Yaran da suka saba ƙirga yankuna kawai za su ce e. Sannan ki ja layin lambobi daga 0 zuwa 2, da alamar 1 a tsakiya, ki ce su nuna inda 1/2 yake. Ki lura, zuwa 2 na ce. Idan layin ya tsaya a 1, kowa zai dangwala tsakiya ya ci. Da ya kai 2, wanda ya ɗauki rabi a matsayin "tsakiyar kowane abu" zai sa alamarsa a kan 1, wani kuma zai sa ta tsakanin 1 da 2 saboda lambobin da ya gani a rubuce ke nan.

A kan sauya riga, ki ba su 2/3 = ?/12. Amsar ita ce 8. Wanda ya rubuta 11 ya ga an ƙara 9 a ƙasa, shi ma ya ƙara 9 a sama. Wannan yaron yana tunani, yana da ƙa'ida, ƙa'idar ce ba ta dace da wurin ba. A kan haddar sau, su jera lambobi shida na farko a gidan 4 da gidan 6, su zagaye ta farkon da ta fito a duka biyun. Sai tara guda biyu a jere: 2/7 + 3/7, sannan 1/2 + 1/3. A ƙarshe tambaya ɗaya mai fuska biyu, da zan yi bayaninta a gaba: 3/4 na 12 a tsirara da lambobi, da kuma ita ɗin dai cikin labarin Turanci.

Duka-duka tambayoyi goma ne zuwa goma sha biyu, kowace matakala tana da aƙalla biyu. Dalilin biyun shi ne amsa ɗaya ba ta isa a yanke wa yaro hukunci ba. Yana iya yin tuntuɓen hannu, yana iya cin sa'a. Idan kuskure iri ɗaya ya fito sau biyu, to ya zama ɗabi'ar tunaninsa. Kuma a tambayoyin kwatanta girma, kada ki yarda da zaɓi kawai, ki bar layi ɗaya na "don me", ko da zane ne yaron zai yi.

Maganar ranar gwaji gajeruwa ce. Kada ki yi shi ranar da aka buɗe makaranta, kin san yadda makon farko yake, ana shara, ana neman benci, wasu ba su dawo daga hutu ba. Ƙarshen makon farko ko farkon na biyu ya fi. Minti ashirin da biyar sun isa. Idan babu kuɗin buga takarda, ki rubuta a allo su yago falle ɗaya daga littafinsu. Tun da biyu-biyu ko uku-uku suke zama a benci, ki raba allo gida biyu, ɓangaren A da ɓangaren B, tambaya iri ɗaya lambobi daban: inda A ke da 1/2 + 1/3, B na da 1/2 + 1/5. Amsar da aka kwafa daga maƙwabci ta fi takarda fara ɓarna, don tana ɓoye miki yaron da ya fi kowa buƙatarki. Ki gaya musu a fili, da harshen da suke ji, cewa wannan ba ya shiga makin zango, ba mai dukan kowa, ba za a kira sunan kowa a gaban aji ba, kuma wanda bai sani ba ya rubuta abin da yake zato kada ya goge. Ki cika alkawarin. Ranar da kika sa makin wannan gwajin cikin makin aikin aji da ake tarawa, daga ranar yara za su daina nuna miki ainihin abin da ke kansu.

Bari in ba ki yadda ta kasance a wani aji nawa na JHS 1, a wata makaranta a ɓangaren Asawase. Yara 56 ne a rajista, 51 suka zo ranar. Ban ba kowa maki ba. Na zauna bayan la'asar da takardun a kan tabarma, na ɗauki tambayar tara mai lambobin ƙasa daban-daban, na riƙa ajiye kowace takarda a kan tulin amsarta. Zan faɗi komai da lambobin ɓangaren A don sauƙi. Yara 14 sun rubuta 5/6, daidai. Yara 29 sun rubuta 2/5, sun tara sama da sama, ƙasa da ƙasa. Biyar sun rubuta 2/6. Uku sun bar wurin fari.

Da a ce na tsaya nan, da na ce yara 29 suna da matsala ɗaya. Sai na ɗauki wannan babban tulin na duba 2/7 + 3/7 a cikinsa. Goma sha bakwai sun rubuta 5/14, kuma da na duba tambayar 1/4 da 1/8, kusan dukansu 1/8 suka zaɓa. Sauran goma sha biyun kuwa 5/7 suka rubuta, kuma sun san 1/4 ya fi 1/8. Kin ga amsa ɗaya ce, 2/5, amma hanya biyu ta kawo su gare ta. Na farko ba su san me lambar ƙasa take yi ba, a wurinsu firakshin lambobi biyu ne da sanda a tsakani. Na biyu sun sani, sai dai da suka tarar da 2 da 3 a ƙasa ba su da dabarar daidaita su, suka koma ga abin da hannu ya saba. Takardunsu sun tabbatar: a tambayar 2/3 = ?/12 yawancinsu 11 suka sa ko suka bari. Su kuma biyar ɗin nan masu 2/6 sun fi kowa kusa da gaci. Sun gano cewa 6 ce za ta zauna a ƙasa, suka manta cewa idan ƙasa ta sauya dole sama ta bi ta. Aikin minti goma ne gyaransu.

Aji ya rabu uku ke nan da kansa. Yara 20 (sha bakwai ɗin nan da ukun da ba su rubuta komai ba) suna buƙatar a koma tushe. Yara 17 suna buƙatar sauya riga da haddar sau. Yara 14 a shirye suke. Biyar ɗin da ba su zo ba na gwada su a hutun safe cikin makon. Duk rarrabawar ba ta kai awa ɗaya da rabi ba, ƙasa da lokacin da duba tambayoyi 30 zai ci. Abin da na rubuta a littafina shafi ɗaya ne: sunaye a gefe, matakala huɗu a sama, a kowane gurbi in rubuta amsar da yaron ya bayar idan ba daidai ba ce.

Takarda ba ta gama magana ba sai an ji bakin yaro. Washegari na kira yara shida, biyu daga kowane rukuni, ɗaya bayan ɗaya, minti uku-uku a bakin baranda. Ba na gyara su, ba na ɗaure fuska, cewa kawai nake yi, nuna mini yadda ka yi. A nan ne zancen tambaya mai fuska biyu ya shigo, kuma a unguwanninmu wannan babban lamari ne. Yaronmu na Zango Hausa yake ji a gida, wani ma da Dagbanci ko Mosanci ko Kotokolanci a kai. A ƙananan azuzuwa a Kumasi ya tarar da Tuwi, tun da Hausa ba ta cikin harsunan ƙasa da gwamnati ta tsara wa littattafan koyarwa a makarantunta. Daga aji huɗu kuma Turanci ya karɓe komai. Idan ya faɗi tambayar labari, ba ki san ko lissafin ne ya kayar da shi ko Turancin ba, sai kin raba su.

Akwai wata yarinya a ajin da ke taya mahaifiyarta sayar da koko da ƙosai kafin ta zo makaranta. A takardarta ta ci 3/4 na 12, ta rubuta 9. Tambayar labarin kuwa, wadda ta ce yaro yana da sidi 12 ya kashe kashi uku cikin huɗu, nawa ya rage, ta bar ta fara. Na karanta mata da Hausa. Ban rufe baki ba ta ce, "Sidi uku mana, Malam." Na ce to me ya hana ki rubutawa? Ta sa yatsa a kan kalma ɗaya. Kalmar Turancin da ke nufin abin da ya rage ita ce dai ke nufin hagu, ita kuma hagun ta sani. Ta yi ta neman abin da ke hannun hagun yaron ba ta gani ba. Da maki na bi, da na tura ta rukunin masu komawa tushe, ta yi mako biyu tana naɗe takarda a kan abin da ta fi ni saurin lissafawa. Abin da take buƙata shi ne kalmomin lissafi na Turanci guda goma sha wani abu, a rubuce a bangon aji da ma'anarsu. Idan ke ba kya jin harshen wani yaro, ki nemi abokin aiki ko wani babban ɗalibi ya karanta masa, amma ki ja kunnensa kada ya fassara har da hanyar amsa.

To me za a yi da sakamakon? Wannan ki yanke shi tun kafin ki ba da gwajin, in ba haka ba takardun za su kwana a durowa. Ƙa'idar da nake bi tawa ce, daga gogewa, ba dokar hukumar ilimi ta GES ba ce. Idan fiye da rabin aji sun faɗi a matakala ɗaya, ina koyar da ita ga kowa kafin in taɓa sabon darasi. Idan tsakanin kashi ɗaya cikin biyar ne zuwa rabi, ina raba rukuni a cikin darasi. Idan 'yan kaɗan ne, ina binsu a benci yayin da sauran ke aiki. A wancan ajin, yara 37 cikin 51 ba su da sauya riga a hannu, don haka wannan na kowa ne. Tushe kuwa na yara 20 ne, aikin rukuni.

Darasi uku na ware, ban ƙara ba. A na farko na ba rukunin tushe tsiri-tsirin takarda masu tsawo ɗaya, suka naɗe ɗaya biyu, ɗaya huɗu, ɗaya takwas, suka jera su a benci suna gani da ido yadda yanki ke ƙanƙancewa yayin da lambar ƙasa ke girma. A nan na sami taimako daga inda ban nema ba. Wani yaro ya kalli mai takwas ɗin ya ce, "Malam, ai wannan sumuni ne." Yaranmu da ke zuwa makarantar allo da yamma sun san izu yana da sumuni takwas, sun san rubu'i ya fi sumuni yawan karatu, sun san sumuni biyu ne ke yin rubu'i, domin da bakinsu suka biya shi. Wato sun san 1/4 ya fi 1/8, sun kuma san 2/8 daidai yake da 1/4, ba a dai taɓa haɗa musu wannan sanin da abin da ke kan allon lissafi ba. Manyansu ma sun taɓa jin cewa a rabon gado matar mamaci tana samun rubu'i idan bai bar ɗa ba, sumuni idan ya bari, kuma ba wanda ke shakkar wanne ya fi yawa. Tun daga ranar, idan yaro ya ce mini 1/8 ya fi 1/4, tambayarsa nake yi: sumuni da rubu'i, wanne kake fatan malaminku ya ba ka hadda ranar da ka gaji? Sai ya yi murmushi ya gyara da kansa.

A darasi na biyu da na uku duk aji muka yi sauya riga da tsiri mai gida 12. Rabi gida 6 ne, sulusi gida 4, a haɗa su gida 10 cikin 12, wato 5/6. Sannan na rubuta 2/5 a allo na tambaye su: mun fara da rabi, muka ƙara masa wani abu, ya za a yi mu ƙare da abin da bai kai rabi ba? Ki ba wannan tambayar lokaci, kada ki amsa musu. Yaron da ya ga da kansa cewa amsarsa ba za ta yiwu ba ya fi saurin sakinta a kan wanda aka ce masa kawai ba haka ake yi ba. Su 14 ɗin da suke a shirye ban bar su zaune ba, ban kuma mayar da su ƙananan malamai duk tsawon lokacin ba. Na ba su aiki mai nauyi, irin su nemo firakshin biyu masu lambobin ƙasa daban da jimlarsu ta zama 1, ko wanda ke tsakanin 1/3 da 1/2.

Akwai iyakoki da ya kamata ki sani don kada gwajin ya yaudare ki. Bayan dogon hutu wasu yaran mantuwa ce kawai ke damunsu. Alamar mai mantuwa ita ce da kin nuna misali ɗaya zai ce "au, na tuna", ya ci gaba daidai, kuma kurakuransa a warwatse suke. Mai gurguwar fahimta kuwa kuskurensa iri ɗaya ne kullum, yana yinsa da ƙarfin gwiwa, kuma ko kin gyara yau zai dawo da shi jibi. Takarda fara kuma ba ta faɗin komai da kanta. Cikin ukun nan nawa, ɗaya tsoro ne, ɗaya ba ya hango allo daga bayan aji sai da na dawo da shi gaba na kuma aika wa iyayensa a duba idonsa, ɗayan kuma karatun kansa ne bai iya ba. Wannan na ƙarshen ya fi ƙarfin darasi uku na firakshin, magana ce da za ki kai wa hedimasta da malamin Turanci, a kuma tattauna ta a zaman malamai na PLC.

Kada kuma rukunin ya zama suna da yaro zai ɗauka har ƙarshen shekara. Ni ko sunan rukuni ba na sa wa, cewa nake yau waɗannan su zo benci na gaba. Kuma kada gyaran giɓi ya cinye zangon. Idan kika ce sai kowa ya gyaru tsaf kafin ki fara, mako shida zai wuce ba ki shiga manhaja ba, mai duba makarantu ya zo ya tarar kina baya, yaran kuma jarrabawar BECE na jiransu da abin da ba a koya musu ba. Ki gyara abin da sabon darasin ba zai tsayu ba sai da shi, ragowar ki riƙa ɗinke shi da minti biyar a farkon kowane darasi.

Bayan mako biyu ki sake gwadawa, tambayoyi huɗu kacal, siffa ɗaya lambobi sababbi: 1/5 da 1/9 wanne ya fi, 3/4 = ?/20, 3/8 + 2/8, da 1/4 + 1/3. Abin da za ki ƙirga shi ne yara nawa har yanzu ke rubuta 2/7 a ta ƙarshen a maimakon 7/12. A ajina daga 29 sun koma 9, kuma bakwai cikinsu daga rukunin tushe suke, na ci gaba da zama da su sau biyu a mako har tsakiyar zango.

Takardunki na tambayoyi 30 kuwa, ki ɗauko su yau da daddare. Ki nemo tambayoyin firakshin da ke ciki, ko uku ne ko huɗu. Ki manta da jan biron da kika sa, ki karanta abin da yaran suka rubuta, ki tula su bisa amsa. Idan tambayoyin na zaɓi ne, ki duba wane harafi mafi yawansu suka zaɓa da kuma lambar da ke bayansa. Daga nan za ki san matakalar da ya kamata ki ba tambaya uku a maimakon biyu a sabon gwajin. Idan kin rarraba, ki turo mini amsoshin da suka fi maimaituwa da adadin yaran kowace, ba tare da sunayensu ba, mu duba tare kafin ki tsara darasin Litinin.